Barka Ta Makara: A Gaida Mai Rana, A Rage Hanzari

Jama'a, akwai wani ƙaramin al'amari da na daɗe ina son mu tattauna a wannan mujalla tamu, amma kullum na ɗauki alƙalami sai in ajiye, ina jin nauyin kada a ce ga manyan matsaloli jibge a gabanmu, ni kuwa na ɓuge da zancen gaisuwa. To, yau dai na daure, domin na ga abin nan ƙarami ya kusa raba ni da wanda muka tashi tare tun muna wasan ƙasa, kuma na tabbata ba ni kaɗai ba ne. Zancen kuwa shi ne na barkar zagayowar ranar haihuwa idan ta makara, watau ranar ta wuce da kwana biyu ko mako guda sa'an nan mutum ya farga. Ra'ayina a kai gajere ne. Wanda ya makara ya fara da barka, ya nemi gafara cikin numfashi ɗaya, ya komo kan mai ranar da addu'a da alheri. Duk hanzarin da ya wuce haka, kansa yake yi wa hidima.

Bari in fara da kaina, gama an ce laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Ina da aboki a Na'ibawa, can bayan 'Yan Katako, kusa da titin Zariya. Firamare ɗaya muka yi, allo ɗaya muka wanke. Da muka gama sakandare ni Allah ya nufe ni da jami'a, shi kuwa mahaifinsa ya rasu, sai ya nemi aiki a wata masana'antar jima a Calawa don ya riƙe gida. Aikinsu na karɓa-karɓa ne, kashi uku: masu shiga ƙarfe shida na safe su tashi biyu na rana, masu karɓarsu su kai goma na dare, sa'an nan masu kwana su riƙe har asuba. Makon da abin ya faru yana cikin masu kwana. Shi ba ya taɓa manta ranar haihuwata. Ko yana bakin inji, da ya fito zai aiko mini da layi biyu. Tasa ranar ta zo ta wuce, ban tuna ba sai bayan kwana biyar. Kunya ta kama ni, na ɗauki waya na rubuta masa wannan, kuma ga shi nan yadda yake, ban gyara ko wasali ba:

"Salam abokina. Wallahi ka yi haƙuri, ka san mun shiga jarrabawa, ga malamin da ke duba aikina na ƙarshe ya dawo mini da babi na uku sau biyu, ga wayata ta faɗa ruwa, ga babu wuta a ɗakin kwananmu kwana huɗu, kuma ka san yadda karatun jami'a yake, ko barci mutum ba ya samu. Na so in kira ka tun ranar, Allah ya sani, amma abubuwa suka yi mini yawa. Don Allah kada ka ji haushi, kada ka ɗauka na manta da kai. Barka dai."

Na aika ina ganin na fita haƙƙinsa. Washegari amsa ta zo: "Ba komai, Malam. Allah ya ba da sa'a." Mutumin da tun muna yara bai taɓa kirana da wani suna ba sai na tsokana, yau shi ne ke ce mini Malam. Nan jikina ya yi sanyi, na koma na karanta abin da na rubuta da idon wanda aka aika wa.

Na ƙirga kalmomin, guda 85 ne. Biyu na sallama, biyu na barka, sauran 81 duk labarina ne da roƙon kada a ga laifina. Babu addu'a ko ɗaya. Ban tambayi mahaifiyarsa ba, ban tambayi yaransa ba, ban ambaci shekarar da ya shiga ba. Rantsuwa kuwa sau biyu. Wanda ya tsinci takardar nan a hanya zai ɗauka ni ne mai ranar, shi kuwa alƙali ne da na gurfana a gabansa.

Illoli uku na gani a cikinta, kuma ina son mu dube su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce na ɗora masa aiki. Ita barka kyauta ce, amsarta "na gode" kurum. Shi kuwa dogon hanzari roƙo ne, kuma mai roƙo jiran amsa yake. Da na jera masa wahalhaluna, ya zama tilas ya bar murnarsa ya shiga lallashina, ya ce ba komai, ya yi mini addu'ar sa'a. Ku duba amsar tasa: addu'ar da ta kamata ta fito daga bakina zuwa gare shi, ita ce ta fito daga nasa zuwa gare ni. Na je kai gaisuwa na komo da guzuri. Mutumin da ya kwana tsaye cikin ruwan jima da warin fatu, ya fito da asuba ya biyo ta Panshekara zuwa gida, ƙafafunsa na zogi, shi ne na sa ya rarrashi wanda ya kwana a kan littafi.

Ta biyu ita ce yawan dalilai na raunana juna. Dalili ɗaya ana yarda da shi. Idan suka kai huɗu, mai karatu ya fara auna su. In da gaske wayar ce ta faɗa ruwa, me ya kawo zancen jarrabawa? In jarrabawa ce, ina ruwan wuta? Gaskiyar da na ɓoye a ƙarƙashinsu ita ce na manta, kuma shi ma ya sani. Balle yanzu da wayar hannu ba ta rufa wa kowa asiri. Wanda ya ce ba shi da caji kwana huɗu, alhali an ga ya sa hoto a WhatsApp jiya da shekaranjiya, ya ƙara wa mantuwa ƙarya. Mantuwa halin ɗan Adam ce, kowa na yi, kowa na yafewa. Ƙarya kuwa ta nuna ka ɗauki abokinka wanda za a yi wa wayo.

Ta uku ita ce mafi muni, kuma ita ta sa na ga zancen ya dace da wannan mujalla musamman. Mu ɗalibai da matasan ma'aikatan gwamnati, hanzarinmu yana ɗauke da muƙaminmu ko ba mu nufa ba. "Ka san yadda karatun jami'a yake." A'a, bai sani ba, kuma rashin sanin nan shi ne tabon da ke zuciyarsa tun ranar da muka rabu a ƙofar sakandare. Haka ma ma'aikacin da zai rubuta wa ɗan'uwansa mai aikin leburanci a Sharaɗa cewa "an tura mu taro Abuja, ga mitin da Babban Sakatare, ga fayil sun taru". Shi yana ganin uzuri ya kawo, mai karɓa kuwa abin da ya ji shi ne: lokacina ya fi naka tsada. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Calawa sun ci da gidaje masu yawa a Kano, kuma da yawanmu da kuɗin albashinsu aka saya mana littafi da takalmin makaranta. Tun daga tsare-tsaren tsuke bakin aljihu na 1986 zuwa yau, da dama daga cikinsu sun rufe ko sun rage ma'aikata, waɗanda suka rage a bakin aiki kuwa suna yi ne da fargabar gobe. Bai kamata a ce irin waɗannan mutane ne za mu riƙa karanta wa jadawalin wahalarmu ba. "Malam" ɗin da abokina ya kira ni, katanga ce ya nuna mini, kuma ni na aza tubalinta.

Abin mamaki shi ne harshenmu ya riga ya warware wannan matsala tun kafin a san wani abu wai shi bikin ranar haihuwa. A al'adar Bahaushe ta asali ba a ƙirga wa mutum shekara da biki. Barka ta haihuwa iyaye ake yi wa, a yi suna ran kwana bakwai, shi ke nan. Amma makara da gaisuwa tsohon abu ne, kuma magabata sun yi mata tanadi. Ku lura da yadda gaisuwa ke sauya riga idan lokacinta ya wuce. Ran Idi a ce "barka da Salla", bayan kwana uku kuwa sai a ce "an yi Salla lafiya?" Wanda bai sami zuwa ɗaurin aure ba, idan ya iso sai ya ce "an watse lafiya? Ina gajiyar taro? Allah ya sa alheri." Matar da ba ta ji haihuwa da wuri ba, da ta shigo sai ta ce "ashe an sauka! Barka da arziki, Allah ya raya." Kalmar nan "ashe" ita kaɗai ta ɗauke uzurin duka. Wanda aka yi wata shida ba a gan shi ba ya ce "kwana biyu", a ce masa "kwana da yawa", a yi dariya a wuce. A duk waɗannan, fuskar mai magana tana kallon wanda ake gaisarwa. Ba wanda ke tsayawa a bakin zaure yana karanto dalilan da suka hana shi zuwa kafin ya ce sannu.

Haka kuma wasiƙar Hausa ta dā. Marubuci ya fara da gaisuwa mai yawa da so da yarda, ya tambayi lafiya da iyali, sai ya gama wannan sa'an nan ya ce "bayan haka" ya kawo buƙatarsa. Gaisuwa ke gaba, sha'anin mai rubutu na biye. Iyayenmu da suka zo Kano aikin masana'anta daga garuruwa masu nisa, da wasiƙar gidan waya suke gaisawa da gida, ko su aika da katin zaɓi-sonka gidan rediyo a karanta sunayen 'yan'uwa. Wasiƙa takan yi mako ko fiye a hanya, kati yakan jira layinsa, saboda haka kusan kowace gaisuwa makararriya ce, ba kuwa wanda ya ga abin ba da haƙuri a ciki. Mai buga waya ta tangaraho kuwa kowace kalma kuɗi ce, ba shi da halin surutu. Sai da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya manhajoji suka fara tuna wa mutane ranar haihuwar abokansu, sa'an nan makarar kwana ɗaya ta zama abin kunya, kuma rubutu ya yi arha har muka sami filin zuba hanzari ba iyaka.

To, yaya ya kamata a rubuta? Ga abin da na koya, kuma ga wanda na aika masa a shekarar da ta biyo, da na sake makara, wannan karon da kwana biyu:

"Mutumina, barka da ƙarin shekara. Na makara, ka yafe mini. Allah ya ƙara lafiya da buɗi, ya raya yara. Ina nan tafe Na'ibawa ranar Lahadi bayan La'asar."

Kalmomi 27 ne, biyar daga ciki na neman gafara. Gaɓoɓinsa huɗu, kuma jerinsu na da dalili.

Barka ita ce a gaba. Wanda ya fito daga aiki ya duba fuskar wayarsa, kalmomin farko kaɗai yake gani kafin ya buɗe saƙo. In "wallahi ka yi haƙuri" ya fara gani, gabansa ne zai faɗi, ya ɗauka wani abu ya faru ko bashi za a nema. In "barka" ya gani, ya riga ya karɓi kyautarsa ko bai buɗe ba.

Sa'an nan amsa laifi, jimla ɗaya, ba tare da "amma" ba. "Na makara, ka yafe mini" ta isa. In kana son ka fi haka gaskiya ka ce "na sha'afa". Abin da za a kiyaye shi ne kalmar "amma" da "ka san", domin su ne ƙofar da hanzari ke shigowa. Da ka rubuta ɗayansu, sai ka ga layi biyar sun biyo baya. Kada kuma a yi rantsuwa. Wanda ya ce ya manta ba ya bukatar shaida.

Na uku, addu'a ko fatan alheri da aka ɗinka daidai jikinsa. Nan ne wanda ya makara zai iya fin waɗanda suka zo da wuri. Ran bikin, mutum yakan sami saƙonni da yawa masu kama da juna, wasu ma kwafo su aka yi daga wani wuri. Kai da ka zo bayan kasuwa ta watse, kai kaɗai ne a fili, ana jin muryarka sosai. Ambaci abin da ka san yana gabansa: ginin da ya fara, jinyar mahaifiyarsa, jarrabawar ƙarin girma da zai zauna, yarinyar da aka sa makaranta. Layi ɗaya irin wannan ya fi shafi guda na rantsuwar cewa ba ka manta da shi ba, domin shi ne hujjar.

Na huɗu, wani abu da ke gaba: ziyara, ko kira, ko 'yar tsaraba. Amma a sa rana da lokaci. "Sai na shigo" ba alkawari ba ne, kowa ya san haka. Kuma kada a faɗi abin da ba za a cika ba, don makara biyu a kan abu ɗaya ta fi ta farko ciwo. Ni na zaɓi Lahadi bayan La'asar ne domin na san ranar hutunsa ce, kuma ya riga ya rama barcinsa. Na tsaya a 'Yan Lemo na sayi kankana da lemo na 'yan kuɗi kaɗan, muka zauna a ƙofar gida har Magariba. Ko sau ɗaya zancen makara bai taso ba, kuma da sunan tsokanar nan ya tarbe ni.

Ga wani ma'auni mai sauƙi ga mai son ya gwada kansa. Saƙon tes guda ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. In ka sa haruffanmu masu ƙugiya, watau ƙ da ɗ da ɓ, waya takan koma wani tsarin rubutu, sai iyakar ta sauko zuwa 70, abin da ya haura a raba shi gida-gida a caje ka kuɗin kowanne. Saƙona na biyu, in an rubuta shi ba ƙugiya, ya shiga cikin guda ɗaya har da ragowa. Na farkon kuwa sai an yanka shi uku. Ba ina cewa kowa ya takura kansa da 160 ba, musamman ga mai rubuta kati ko wasiƙa, wanda ke da damar ya saki jiki da addu'a da tuna baya. Abin lura shi ne rabo. In ka gama, ƙirga: idan neman gafara ya wuce kashi ɗaya cikin biyar, rage shi. Sa'an nan ka duba sau nawa ka ce "na" da "ni" da "mini", sau nawa ka ce "ka" ko "ki". In naka sun rinjaya, labarinka ka rubuta.

Tsawon makarar ma yana sauya magani. Kwana ɗaya zuwa uku, rabin jimla ya wadatar. In ta kai mako, jimla cikakkiya, kuma kira ya fi rubutu. In ta doshi wata, ƙafa ce magani, don zumunta a ƙafa take. Ka je, ka gaisa, ka ce "ashe an ƙara shekara ban zo ba", a yi dariya. In kuwa ta wuce haka, a ganina a bar zancen ranar, a yi gaisuwar zumunci zalla, a rubuta kwanan watan a inda ba zai ɓace ba saboda baɗi. Ga mai aikin karɓa-karɓa kuma, a san lokacin kira. Wanda ya kwana a masana'anta, ƙarfe goma na safe tsakar darensa ne, kuma a wasu wuraren ba a barin ma'aikaci ya riƙe waya a bakin inji. Ka aika rubutu ya gani in ya farka, ka bar kira sai yamma.

Yadda za a yi magana kuma ya danganta da wanda ake yi wa. Ga yaya mace, mutum ya ce: "Yaya, barka da ƙarin shekara. Ƙaninki ya makara, a yi masa afuwa. Allah ya ƙara girma, ya albarkaci zuri'a." Ga kawu ko shugaban wurin aiki sai a koma jam'in girmamawa: "Ranka ya daɗe, ina taya ku murnar ƙarin shekara. A gafarce ni da jinkiri. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana." Ga babba ba a wasa da makarar, kuma ba a kawo masa dalili in bai tambaya ba, domin jera wa babba dalilai kamar gardama ne tun ba a tuhume ka ba. Ga tsara kuwa ana iya sa raha, a ce "na bari ne sai cunkoso ya ragu", muddin ka san zai ɗauke ta raha.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma ba zan ce ba su da hujja ba.

Wasu za su ce gajeren uzuri raini ne, kamar ba ka ɗauki laifin da nauyi ba. Amsata ita ce nauyin neman gafara yana cikin tsabtarsa. "Na yi kuskure" da ba a rataya mata komai ba ta fi wuyar faɗa, kowa ya gwada ya gani. Dogon bayani kuwa ƙoƙari ne na nuna cewa a gaskiya ba ka yi laifi ba, yanayi ne ya yi. Ta yaya mutum zai nemi a yafe masa abin da yake ta hujjar cewa bai aikata ba?

Amma na yarda akwai iyaka. In dalilin makararka labari ne da ya kamata ya sani, kamar rasuwa ko kwanciya asibiti, faɗa masa cikin jimla ɗaya bayan barka, domin ɓoye irin wannan ma laifi ne a zumunci. Haka nan in abin ya wuce mantuwar rana, misali ka yi alkawarin zuwa walima aka ajiye maka wuri ba ka zo ba, ko matarka ce, ko shekara uku ke nan a jere kana yi, to wannan rauni ne na daban, kuma ba a ɗinke shi a cikin saƙon barka. Aika barkar da tsabtarta, sa'an nan ka nemi zama a yi magana baki da baki. Haɗa su wuri ɗaya yakan ɓata duka biyun.

Wasu kuma za su ce da muguwar rawa gara ƙin tashi: tun da rana ta wuce, a yi shiru kawai. Wannan ita ce shawarar da kunya ke bayarwa, kuma ita ke kashe zumunci a hankali. Ka yi shiru bana don kunya, ka haɗu da shi a hanya ka sunkuyar da kai, baɗi kunyar ta ninku, shekara uku sai a ji ana cewa wane tun da ya shiga jami'a ya daina kula mutane. Mai ranar ba ya ganin kunyar da ke zuciyarka, shirun kaɗai yake ji, kuma fassarar da zai yi masa ba mai daɗi ba ce.

Akwai kuma waɗanda ba su yarda da bikin ranar haihuwa ba sam, wasu don suna ganin baƙuwar al'ada ce, wasu don fahimtarsu ta addini. Ba wannan muhawara na zo yi ba. Abin da zan ce shi ne ka san mutuminka. Wanda ka san ba ya so, kada ka kai masa, da wuri ko a makare. Wanda kuwa yake aiko maka kowace shekara, ya riga ya gaya maka cewa abin na da daraja a wurinsa.

Daɗin daɗawa, a ƙasarmu ita kanta ranar ba ta cika zama daram ba, balle a mai da saɓa mata babban zunubi. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a Nijeriya ta 1992 ce, kuma da yawa daga yayyenmu da iyayenmu da takardar rantsuwa a kotu suka sami kwanan watan da ke takardunsu, shi ya sa masu 1 ga Janairu suka yi yawa a ofisoshi. Wani kuma da watan Musulunci mahaifiyarsa ta riƙe masa, shekarar Hijira kuwa ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11. Wanda aka haifa ran 1 ga Ramadan, ranarsa ta faɗo 11 ga Maris a 2024, ta koma 1 ga Maris a 2025. Mai irin wannan lissafi ba sa'o'i yake ƙirga maka ba. Abin da yake jira shi ne ya ga ko har yanzu yana cikin waɗanda kake tunawa.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, duk wanda ya karanta wannan ya tuna da wani da ranarsa ta wuce bai ce masa komai ba, wani yaya a Bompai, ko abokin ƙuruciya a Sharaɗa, ko ƙanwa da ke aure a Na'ibawa, to ya ɗauki waya yau. Ya ce barka, ya ce na makara, ya yi addu'a, ya sa ranar zuwa. Jarrabawa da fayil da rashin wuta ya bar su a aljihunsa. In an zauna a tabarma aka tambaye shi, ya ba da labari.

Allah ya bar zumunci. Haza wasalam.